Zanen akwati: kwatanta makin jarrabawa na aji biyu

Zanen akwati hoto ne na lissafin ƙididdiga da ke taƙaita tarin lambobi da alamomi biyar: mafi ƙanƙanta, rubu'in ƙasa, na tsakiya, rubu'in sama, da mafi girma. Rubu'in ƙasa shi ne lambar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lambobin ke ƙasa da ita, rubu'in sama kuma wadda kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke sama da ita. Masanin ƙididdiga ɗan Amurka John Tukey ne ya fito da shi a 1970, ya kuma yi cikakken bayaninsa a littafinsa na 1977, kodayake tun 1952 Mary Eleanor Spear ta buga wani zane mai kama da shi. A makaranta ana amfani da shi idan ana son a ɗora aji biyu gefe da gefe a ga inda yawancin ɗalibai suka tsaya, da irin nisan da ke tsakaninsu, abin da abareji kaɗai ba ya nunawa.

Sassan zanen

Ana fara jan layin maki, daga 0 zuwa 100. A kansa ake zana akwati. Gefen akwatin na ƙasa yana kan rubu'in ƙasa, gefensa na sama yana kan rubu'in sama, layin da ya ratsa cikinsa kuma shi ne makin tsakiya, wanda malaman lissafi ke kira midiyan. Daga kowane gefe wata wutsiya takan fita zuwa maki na ƙarshe da bai fita zakka ba. Wanda ya fita zakka, wato ya yi nesa da sauran, ana yi masa ɗigo shi kaɗai.

Misali daga aji biyu

A ɗauka wata makarantar sakandare ce a Argungu, jihar Kebbi, aji biyu sun zauna jarrabawar lissafi iri ɗaya, malami ɗaya kuma ya duba takardun. An taƙaita kowane aji zuwa ɗalibai 15 don lissafin ya yi sauƙin bi. Aikin farko shi ne jera makin daga ƙarami zuwa babba, domin idan ba a jera ba duk abin da ya biyo baya ya lalace.

Aji A: 12, 48, 50, 52, 54, 56, 57, 58, 59, 61, 62, 64, 66, 68, 71

Aji B: 25, 31, 36, 40, 43, 46, 49, 52, 60, 67, 72, 76, 83, 88, 94

A jerin mutum 15, na takwas ne a tsakiya: bakwai a bayansa, bakwai a gabansa. Makin tsakiya na aji A ke nan 58, na aji B kuma 52. Da a ce yawan ɗaliban ya rabu biyu daidai, kamar 16, sai a haɗa biyun da ke tsakiya a raba biyu.

Rubu'i kuwa tsakiyar kowane rabi ne. A cikin bakwai ɗin ƙasa, na huɗu ne a tsakiya, shi ne rubu'in ƙasa: 52 a aji A, 40 a aji B. A cikin bakwai ɗin sama, na goma sha biyu a jerin ne a tsakiya, shi ne rubu'in sama: 64 a aji A, 76 a aji B. Idan aka cire rubu'in ƙasa daga na sama, abin da ya rage shi ne tsawon akwati. Na aji A maki 12 ne, na aji B maki 36, wato ninki uku. Ga yadda zanen zai kasance:

```
   0         20        40        60        80        100
A        o                 |-[==|==]--|
B              |-------[=====|===========]--------|
```

Karanta shi

Ido ya fara sauka kan layin tsakiya. Na aji A yana gaba da maki shida, don haka ɗalibin da ke tsakiyar aji A ya fi takwaransa na aji B. Abin lura shi ne abareji ya faɗi akasin haka. Jimillar makin aji A 838 ce, a raba gida 15 a sami kusan 55.9. Ta aji B 862 ce, abarejinta kusan 57.5. Shugaban makarantar da aka kai wa abareji kawai zai ce aji B ne a gaba. Dalilin saɓanin a fili yake cikin jerin: makin 12 shi kaɗai ya ja abarejin aji A ƙasa, su kuma 83 da 88 da 94 sun ɗaga na aji B sama. Makin tsakiya bai damu da girman lambar da ke gefe ba, matsayi kawai yake ƙirgawa.

Sai tsawon akwati. Kusan rabin ɗaliban kowane aji suna cikin akwatinsa. Rabin aji A na cunkushe tsakanin 52 da 64, kusan tafiyarsu ɗaya, malami zai iya jan su gaba ɗaya da darasi guda. Rabin aji B kuwa ya bazu daga 40 har 76. A nan duk saurin da malami ya ɗauka, wasu za su ce ya yi gaggawa, wasu su ce yana ɓata musu lokaci.

A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Sukan ga ɓangaren akwatin aji B na dama ya fi tsawo, daga 52 zuwa 76, su ɗauka ɗalibai sun fi yawa a can. Ba haka ba ne. Zanen ya raba aji gida huɗu, wutsiya biyu da ɓangaren akwati biyu, kowane gida kuma yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai. Tsakanin 40 da 52 ɗalibai uku ne, masu 43 da 46 da 49. Tsakanin 52 da 76 ma uku ne, masu 60 da 67 da 72. Tsawo na nuna tazara ne kawai. Inda zane ya matse, nan mutane suka taru, kamar yadda rumfa goma a lungun kasuwa da rumfa goma a filin idi duk goma ne. Kasancewar layin tsakiya ya matsa kusa da gefen ƙasa yana nufin na ƙasan ajin B sun fi kusa da juna, na samansa sun fi warwatsuwa.

Wane aji ya fi, to? Amsar tana bin tambayar da aka yi. Idan makarantar ta sa 50 a matsayin makin ci, rubu'in ƙasa na aji A ma ya haye shi, ɗalibai 13 cikin 15 sun ci, alhali a aji B takwas ne kawai. Hasali ma rubu'in ƙasa na aji A daidai yake da makin tsakiya na aji B, duka 52: inda kusan kashi uku cikin huɗu na aji A suka kai, rabin aji B ne kawai ya kai. Amma idan masu wakiltar makaranta ake nema a gasar kacici-kacici a Birnin Kebbi, aji B za a shiga, domin rubu'insa na sama, 76, ya wuce makin da ya fi kowane girma a aji A, wato 71.

Makin da ya fita zakka

Ba da ido ake yanke cewa maki ya fita zakka ba. Ƙa'idar Tukey ita ce a ninka tsawon akwati sau ɗaya da rabi, a cire abin da aka samu daga rubu'in ƙasa, a kuma ƙara shi kan rubu'in sama. Wuraren biyu su ne shinge. A aji A, 12 sau 1.5 ya ba da 18. Shingen ƙasa 52 ban da 18, wato 34. Na sama 64 da 18, wato 82. Makin 12 yana bayan shinge, shi ya sa aka yi masa ɗigo. Shingen kansa ba a zana shi, kuma wutsiya ba ta tsayawa a kansa. Tana tsayawa ne kan maki na gaske na ƙarshe da ke cikin shinge, a nan 48 da 71. Ɗalibai da yawa kan ja wutsiyar har 34, makin da babu wanda ya ci.

A aji B, 36 sau 1.5 ya ba da 54, sai shingen ya faɗa kan −14 da 130, duka a wajen abin da jarrabawa mai maki 100 za ta iya bayarwa. Babu makin da zai taɓa fita zakka a irin wannan akwati. Don haka rashin ɗigo ba shaida ba ce cewa aji lafiya lau yake. Mai 25 a aji B yana buƙatar taimako ƙwarai, zanen ne kawai bai nuna shi da yatsa ba, saboda ajin nasu dama a baje yake. Kowane aji da nasa shingen.

Ɗigon ba hukunci ba ne, alama ce ta a koma kan takarda. Wataƙila 72 ne aka kwafe shi 12, don 7 da 1 na rikicewa a rubutun hannu. Wataƙila makin gwajin cikin zango ne kawai aka shigar, ba a haɗa da na jarrabawa ba. Wataƙila kuma yaron zazzaɓi ya kwantar da shi, ko aikin shinkafa a fadama ya cinye masa rabin zango. Idan kuskuren rubutu ne a gyara. Da za a mayar da 12 ɗin 72, makin tsakiya zai tashi daga 58 zuwa 59 kawai, abareji kuwa daga 55.9 zuwa kusan 59.9, har ya wuce na aji B. Idan kuma makin gaskiya ne, barinsa ake yi a cikin lissafi. Goge shi don aji ya yi kyau a idon shugaba maguɗi ne.

Bambancin hanyoyin fitar da rubu'i

Ba hanya ɗaya ake bi ba, kuma wannan kan rikita malamin da ya yi lissafi da hannu sannan ya gwada a kwamfuta. A Excel, idan makin aji A na cikin B2 zuwa B16:

```
=MEDIAN(B2:B16)
=QUARTILE.EXC(B2:B16,1)
=QUARTILE.INC(B2:B16,1)
```

Na farko zai ba da 58. Na biyu 52, daidai da lissafin da ke sama. Na uku 53, domin yana ɗaukar tsakiyar 52 da 54. Babu wanda ya yi kuskure a ciki, kuma bambancin yana raguwa idan ɗalibai suka yi yawa. Sharaɗin kawai shi ne a bi hanya ɗaya ga aji biyun.

Abin da zanen ke ɓoyewa

Akwati ba ya faɗin yawan ɗalibai. Ajin mutum 15 da na mutum 90 na iya fitar da zane iri ɗaya, shi ya sa ake rubuta adadin a gefen kowane akwati. A ƙaramin aji kamar na misalin nan, tazarar maki shida tsakanin layukan tsakiya ba ta isa a yanke hukunci kan ƙwazon malami ba. Ɗalibi biyu ko uku su canza aji, sai ta juye.

Haka kuma ba ya nuna rabuwar aji gida biyu. Ajin da rabinsa ya taru wajen 30, ɗaya rabin wajen 80, zai ba da dogon akwati mai layin tsakiya kusa da 55, alhali babu ɗalibi ko ɗaya a wurin. Maganin wannan shi ne a ɗiga makin kowane ɗalibi a kan akwatin ko a ƙarƙashinsa, abin da ba ya da wuya a ajin da bai wuce mutum 50 ba. Kuma duk kwatancin ya rataya ne kan cewa akwatunan biyu suna kan layin maki guda, jarrabawar guda ce, ma'aunin dubawa ma guda. Idan malamai biyu ne suka duba, ɗaya mai sakin hannu ɗaya mai tsauri, wani ɓangare na tazarar da ke tsakanin akwatunan daga jan biron malaman ya fito.