Tsarin Hasken Ado a Wuraren Biki

Tsarin hasken ado shi ne yadda ake zaɓen fitilu a jera su a wurin shagali, kamar rumfar ɗaurin aure, dandalin Mauludi ko ƙofar gida a daren Sallah, domin idon mai shigowa ya sauka inda ake so. In a fili ake bikin dare, fitila ce kaɗai ke fitar da siffar wurin.

Ana auna launin haske da ma'aunin kelbin, kuma lambar tana jikin kwalin ƙwan. Ƙwai mai 2700K zuwa 3000K haskensa ja-ja ne, irin na tsohon ƙwan lantarki. Mai 6000K zuwa 6500K kuwa fari ne fat, har da shuɗi-shuɗi. Jan haske yana fito da kyan fata, da lalle, da gwal, da jan leshi. Farin yana ƙara wa farar shadda da labule ƙyalli, sai dai in ya bugi fuska yakan sa ta yi toka-toka, kamar an sha hunturu ba a shafa mai ba. Shi ya sa masu ado kan bar launi ɗaya ya rinjaya, ɗayan ya zama ɗan ƙari. Launi biyu a fuska ɗaya aibi ne, kuma hoton waya ne ke fara tona shi: kunci ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi.

Ƙarfin haske da lumen ake auna shi. Wat yawan wutar da ƙwan ke ci ne kawai. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60.

A ɗauki rumfar dina. Wurin da ake son ido ya tsaya shi ne kujerar amarya da ango, kuma ana so haskenta ya ninka na wurin baƙi sau uku zuwa biyar. Sai a zagaye rumfar da ƙananan fitilun igiya masu jan haske, a ɗora fitilu biyu masu 3000K a dama da hagun kujerar, sama da kai, suna kallon ƙasa a karkace. Fari ɗaya ya isa, a ajiye shi bayan kujera yana haska labule. In kujerar ta yi duhu, matso da fitila ya fi ƙaro wata, domin in aka rage nisa da rabi hasken yana ninkuwa sau huɗu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kafa babbar farar fitilar tsaro daidai tsayin ido. Tana kashe ido, ta haɗiye ƙananan fitilun gaba ɗaya. Lokacin hazo abin ya fi muni, saboda ƙura tana warwatsa hasken, rumfar ta yi fari kamar hayaƙi.