Babban baƙi a hashtag da bayanin hoto saboda masu sauraron waya

Babban baƙi a hashtag shi ne a fara kowace kalma da ke cikin hashtag da babban harafi, wato a rubuta #MatasanAgege maimakon #matasanagege. Bayanin hoto kuma ɗan rubutu ne da ake maƙala wa hoto wanda ke faɗin abin da ke cikinsa, a manhajoji za ka ga an rubuta masa `Alt text` ko `ALT`. Duka biyun ana yin su ne don makafi da masu raunin gani waɗanda ba kallon allon waya suke yi ba, saurarensa suke yi ta manhajar da ke karanta musu duk abin da ya fito. A nan Legas inda cinikinmu da sanarwar biki da ta wa'azi duk sun koma Instagram da Facebook da WhatsApp, waɗannan abubuwa biyu su ne ke raba fostin da makaho zai fahimta da wanda zai wuce shi bai san me aka ce ba.

Yadda manhajar ke karatu

A wayoyin Android, su Tecno da Infinix da itel da Samsung, sunan manhajar TalkBack. A iPhone VoiceOver ne, wanda ya shigo wayar tun 2009. A kwamfuta akwai JAWS na kuɗi, akwai kuma NVDA da aka fara a Ostareliya a 2006, shi kyauta ne. A waya, mai amfani da manhajar yana jan yatsa dama a kan allo, murya ta karanta masa abu na gaba, in ya ji abin da yake so sai ya taɓa sau biyu ya buɗe. Abin da ya kamata a riƙe shi ne manhajar rubutu take karantawa, kuma gurbin da ke tsakanin kalma da kalma shi ke nuna mata inda wannan ta ƙare waccan ta fara.

To shi hashtag, tun da Chris Messina ya kawo shawararsa a Twitter, wanda yanzu ake kira X, a watan Agusta na 2007, ba ya karɓar gurbi, da ka bar fili a tsakiya ya yanke a nan. Dole kalmomin su manne. Idan duk ƙananan baƙaƙe ne sai muryar ta ɗauke su a matsayin kalma guda mai tsawo ta yi ta ƙoƙarin furta ta haka nan, abin da ke fita yawanci ba shi da ma'ana ko kaɗan. Amma inda ƙaramin baƙi ya ci karo da babba, manhajojin nan suna ɗaukar wurin a matsayin iyakar kalma, NVDA ma yana da wannan ƙa'idar a cikin ƙamusunsa na furuci, JAWS kuma yana da saiti na musamman a kai. Masu rubuta manhaja suna kiran irin wannan rubutu `CamelCase`. Shi ya sa #EndSARS na Oktoba 2020 da #BringBackOurGirls na 2014 ke fita daki-daki a kunne in an rubuta su haka.

Abin da ya fi shafar Hausa

A nan ne nake ganin mu abin ya fi kama mu. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane muryar Turanci ce a kansu, ita ce za ta karanta Hausar da ka rubuta, tana furta `c` da `ts` da wasula yadda ta saba a Turanci. Makahon da ya daɗe da waya kunnensa ya saba da wannan gurɓataccen furuci, yana gane "sannu da aiki" ko da muryar ta karya shi, saboda kalmomin a rabe suke zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Da zarar an manne kalma uku ko huɗu wuri guda wannan sabon ba ya ƙara yi masa amfani, don muryar za ta yanka gaɓoɓin a inda ta ga dama. Ɗauki #alabarago misali, ko mai ido in bai san kasuwar dabbobi ta Alaba Rago ba zai iya fara karanta shi da "a labar" kafin ya ankara, balle wanda ke saurare. Haka #matasanagege, ana iya ganin "mata" a gaba alhali matasa ake nufi. #AlabaRago da #MatasanAgege sun kashe wannan ruɗanin gaba ɗaya.

Wasu na tsoron in sun canja baƙaƙen fostin ɗinsu zai fita daga sahun sauran. Ba haka ba ne, wajen bincike X da Instagram da Facebook ba sa bambanta babba da ƙarami a hashtag, duk wuri ɗaya suke taruwa. Abin da ba ya aiki shi ne a mai da komai manya, #MATASANAGEGE daidai yake da na ƙanana tunda babu inda iyaka ta nuna, wata muryar ma sai ta ɗauka taƙaitaccen suna ne ta hau jero baƙaƙe ɗai-ɗai. Ƙananan kalmomi irin su da, na, ta, a, su ma a ba su babban baƙinsu: #TuwoDaMiya, ba #TuwodaMiya ba.

Sai maganar 'yan da 'yar. Waƙafin saman nan yana yanke hashtag kamar yadda gurbi ke yi, don haka #'YanArewa ba zai kama ba sam, sai dai #YanArewa ko #ƳanArewa. Baƙaƙe masu lanƙwasa suna da manyansu, Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, sai dai muryar Turanci ba lalle ta furta su daidai ba, wani lokaci tsallake su take yi. A ganina a cikin jimla a rubuta Hausa yadda take da lanƙwasarta, a hashtag kuma mutum ya gwada ya ji kafin ya zaɓa. A kula kuma da shawarar da manhaja ke kawowa kana cikin rubuta hashtag, sau da yawa na ƙananan baƙaƙe take jerowa, in ka taɓa shi sai ya maye gurbin wanda ka gyara.

Bayanin hoto

Shi wannan ya girmi soshiyal midiya, yana cikin HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, tun shekarun 1990 da sunan `alt`, kuma shi ne sharaɗi mai lamba 1.1.1 a WCAG 2.0, ƙa'idojin sauƙaƙa intanet ga masu naƙasa da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2008, wanda ke cewa duk abin da ba rubutu ba a samar masa madadi na rubutu. Twitter ya buɗe wurin sa bayanin a 2016, yanzu yana ɗaukar har baƙi 1,000, Instagram kuma ya biyo baya a 2018. Idan ba ka rubuta komai ba, ko dai muryar ta ce hoto kawai ta wuce, ko ta karanta hasashen da Facebook da Instagram ke yi da kansu, irin "wataƙila hoton mutum biyu ne da rubutu", wanda ba zai taɓa gaya wa mutum hular da ke hoton zanna bukar ce ko kindai ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce mai sayar da huluna a Agege ya sa fulaya a Instagram ana gab da Sallah, hoton huluna a jere, farashi da ranar ƙarshen ragi duk an rubuta su a jikin hoton, a ƙasa kuma ya sa wannan kafshan:

```
Sabbin kaya 🔥🔥🔥🔥🔥 duba farashi a sama
#hulunansallah #kasuwaragege
```

Abin da makaho zai ji shi ne "sabbin kaya", sai sunan emojin wuta ana ta nanatawa ko a faɗi adadinsa, sai "duba farashi a sama", sai dunƙulallun kalmomi biyu da ba su fita. Farashin da aka ce ya duba yana cikin hoto, kuma rubutun da ke jikin hoto a wajen manhajar ɗigo-ɗigon launi ne kawai. Wayoyin yanzu suna ɗan iya tsinto rubutu daga hoto, amma a fulaya mai ado da rubutun Hausa suna yawan yin kuskure, ba abin dogaro ba ne. Ga gyaran, na farko a wurin `Alt text`, na biyu kafshan:

```
Huluna zanna bukar guda shida a jere kan farin ƙyalle: biyu shuɗi, biyu ruwan ƙasa, ɗaya fara, ɗaya baƙa mai zaren zinare. An rubuta: Ragin Sallah, kowace naira 8,000, zuwa Juma'a.
```

```
Sabbin zanna bukar sun iso, naira 8,000 kowace har zuwa Juma'a 🔥
#HulunanSallah #KasuwarAgege
```

Duba yadda bayanin ya fara da abin da aka zo sayarwa, sannan adadi da launi, sannan ya kwafo rubutun jikin fulayar kalma da kalma. Launin ba ɓata lokaci ba ne, da yawa daga masu amfani da manhajar nan daga baya suka rasa gani ko kuma suna gani kaɗan-kaɗan, kuma ko wanda aka haifa a haka yana so ya san hular za ta shiga da shaddarsa. Ba a fara da "wannan hoton" ba tunda muryar da kanta tana sanar da cewa hoto ne. Ba a cusa hashtag ko kirarin talla a ciki ba, don wurin ba na wannan ba ne. Jimla ɗaya zuwa uku ta isa yawancin hotuna, sai fa katin gayyatar ɗaurin aure ko sanarwar tafsiri, nan kam rana da lokaci da masallaci duk sai sun shiga ko da ya yi tsawo. A rubuta shi da harshen da aka yi fostin, in Hausa ce Hausa. Hashtag ɗin kuma a tara su a ƙarshe, kaɗan, don mai saurare ya ji saƙon tukuna ya tsallake sauran in ya so.

A X ana taɓa `ALT` a jikin hoton kafin a tura, kuma a yi shi tun lokacin don bayan ya fita ba kasafai ake samun damar ƙarawa ba. A Instagram yana ɓoye cikin ƙarin saiti a shafin ƙarshe kafin turawa, ana kuma iya gyara shi daga baya ta `Edit`, haka ma Facebook.

Iyakarsa da yadda ake gwadawa

Bayanin a fostin yake zaune, ba a jikin hoton ba. Da wani ya yi sikirinshot ya jefa a gurup ɗin WhatsApp na 'yan unguwa, bayanin ya tsaya a can baya, kuma ta wannan hanyar mafi yawan fulayoyinmu ke yawo. Saboda haka muhimman abubuwa irin farashi da rana da wuri a maimaita su a kafshan kamar yadda aka yi a misalin sama, wanda kuma zai tura hoto a gurup ya rubuta layi ɗaya a ƙarƙashinsa. Rubutun ƙwalisa da ake kwafowa daga wasu manhajoji, mai kauri ko mai kwanciya, shi ma yana rusa komai, domin waɗancan alamomin lissafi ne masu kama da baƙaƙe, muryar ko ta tsallake su ko ta karanta sunan kowanne.

Gwaji ba shi da wahala. A Android a shiga `Settings`, sai `Accessibility`, sai `TalkBack`, a iPhone kuma `VoiceOver` a wuri irin wannan. Kafin ka kunna ka san cewa taɓawa ɗaya zaɓa kawai take yi, sai biyu ke buɗewa, jan shafi kuma da yatsa biyu ne a Android, uku a iPhone, in ba haka ba za ka ɗauka wayar ta lalace. Ka je kan fostin ɗinka ka saurara ba tare da kallon allo ba, ka ji ko za ka iya faɗin me ake sayarwa, nawa ne, zuwa yaushe. Idan hashtag ya fita a dunƙule duk da ka sa manyan baƙaƙe, ka duba ko shawarar manhaja ta sauya maka shi, in kuma yana nan yadda ka rubuta to wataƙila ya yi tsawo ne, ka rage shi zuwa kalma biyu ko uku ka sake saurara.