Kuɗina na nan a akawun, to ina asarar take?

"Miliyan ɗaya na ajiye, har yau miliyan ɗaya ce. Wai me na rasa?"

Kasuwa za ka duba ba alat ba. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce zuwa Disambar 2024 farashi ya hau da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda. Wato kayan da miliyan ɗaya ta saya a ƙarshen 2023 sai da miliyan 1 da dubu 348 a ƙarshen 2024. Miliyan ɗinka aikin dubu 740 da 'yan kai take yi. Na gaji da maimaita wannan wallahi.

"Ai banki na ba ni ɗan kuɗin ruwa."

Nawa? A ce kashi 8 ne, ka tashi da miliyan 1 da dubu 80, ƙarfinta wajen dubu 800 ne kawai. Jinin ya ragu ne kawai bai tsaya ba. Balle da yawanmu ma ba ma karɓa saboda addini.

"An ce hauhawar farashi ta sauka, yaushe kaya za su yi araha?"

Gudun ne ya ragu, motar ba ta yi ribas ba.

"Malam ina da miliyan 5, nan da shekara biyu zan aurar da 'yata. Gwal zan saya ko fili?"

To Hajiya nan ne ake bi a hankali, don amsar ta danganta da ranar da za ki buƙaci kuɗin. Fili dai cire shi. Ba don ba ya tashi ba, fili a unguwar da gari ke miƙewa yakan bi farashi har ya wuce shi, amma ba ya sayuwa ranar da kike so, biki saura wata ɗaya dillalai sun ji kina cikin matsi sai a yi miki tayin wulaƙanci, ga la'ada wajen saye ga la'ada wajen sayarwa, ga rigimar takarda in ba a yi dace ba.

Gwal ya fi dacewa, amma ki gane abin da kike saye. Kuɗinsa a naira abu biyu ne a haɗe, farashinsa na duniya da dala, da kuma canjin dala. Waɗanda suka saya kafin Yunin 2023, lokacin da dalar gwamnati ke wajen naira 460, sun ci riba sosai, galibi don naira ce ta faɗi. Amma wanda ya saya a Fabrairun 2024 dala na neman 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta dawo wajen 1,100, da ya sayar a lokacin da ya ji jiki. Shi kansa farashin duniyan ya taɓa gangarowa daga kusan dala 1,900 duk oza a 2011 zuwa ƙasa da 1,100 a 2015. Shekara biyu ba ta isa a rantse ba.

Sannan sarƙa da ɗankunne akwai kuɗin aiki a kai, ran sayarwa kuwa giram kawai za a auna. Kafin ki biya ki tambayi mai shagon, in na dawo da shi gobe nawa za ka saya? Bambancin nan shi ne asararki ta ranar farko. Ki karɓi rasit mai nauyi da karat, kuma in ya kai nisabi ya shekara akwai zakka.

Ni da ni ce ke, ko in ce da ƙanwata ce, zan ce ta fara sayen abin da ta tabbata za ta saya wanda ba ya lalacewa, tukwane, kwanuka, atamfofi, tunda su ne farashinsu ke gudu. Wani kaso gwal, kashi-kashi ba rana ɗaya ba. Kuɗin wata uku zuwa shida na cefane da asibiti ya zauna tsaba ko da yana zaizayewa. Kar ki damu, ba ki makara ba.

"Hannun jari ba caca ba ce?"

A'a, mallakar wani yanki ne na kamfani. Kamfanin da ke iya ƙara kuɗin kayansa ba tare da masu saye sun gudu ba yakan tsira, wanda ake bin sa bashin dala yakan sha wuya. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, ya hau da kusan kashi 46 a 2023. Amma ku tambayi waɗanda suka ci bashi suka sayi hannun jarin bankuna a farkon 2008, cikin shekara ɗaya kasuwar ta zubar da fiye da rabi. Kuɗin da za ka nema kafin shekara biyar kar ka kai shi can.

"Wani ya ce zai ba ni kashi 20 duk wata."

Haba ɗan'uwa! Kashi 20 duk wata kusan ninki tara ne a shekara, wace sana'a ce ke haifar da haka? Kar ka ba shi ko sisi.