Umma ta turo "kkll mmm 99oop": jaka ce ko kutse?

"Jiya bayan azahar Ummanmu ta turo mini 'kkll mmm 99oop' a WhatsApp har sau uku, alhali tana Babbar Kasuwar Gombe. Ta rantse ba ta taɓa wayar ba. An yi mata kutse ne?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, gaskiyar Umma ce. Buɗe allon rubutun wayarki ki duba: k da l suna maƙwabtaka a layin tsakiya, m na ƙarƙashinsu, o da p na samansu. Duka a ɓangaren dama suke. Ita kuwa 9, a yawancin wayoyi tana fitowa ne idan aka danne o aka riƙe. Wato wani abu ne ya kwanta a wuri ɗaya yana goga gilashin. Maɓallin turawa ma yana wannan ɓangaren, saman harufan kaɗan. Idan akwatin rubutu babu komai, makirufo ne. Da zarar harafi ɗaya ya shiga sai ya koma kibiyar turawa. Abin da ya rubuta shi ya tura.

Ga yadda nake ganin abin ya faru. Umma ta gama amsa saƙonki, mai tumatir na jiran kuɗi, sai ta cusa wayar a jaka ba ta kashe fuskar ba. Hirarku tana buɗe. Kowace taɓawa kuma tana sake farfaɗo da lokacin da fuskar za ta mutu, don haka tana iya zama a kunne tun daga kasuwa har Keke Napep ya sauke ta a Pantami.

"To yaya jaka za ta yi rubutu, tana da yatsa ne?"

Gilashin wayoyin yanzu ba nauyi yake ji ba, canjin lantarki yake ji. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, shi ya sa yatsa ke aiki amma tsinken ashana ba ya yi. Duk abin da ya yi kama da jiki ta wannan fuska zai iya ruɗar sa: hankici mai gumi, ledar fiya wata mai raɓa, wani lokaci mukulli, ko cinya ta bayan aljihu marar kauri. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da zufa ke jiƙa komai, abin ya fi yawa.

Wani abin dariya, jaka takan taɓa layin kalmomin da waya ke ba da shawara a saman harufa, sai ki ga kalmomi na gaske sun jeru ba kai ba gindi. In kuma makirufon aka danne, saƙon murya ne zai iso, ki saurari cinikin attaruhu daga cikin jaka.

"Yaushe ne ya kamata in damu?"

Idan saƙon yana da ma'ana. Ɗan damfara ba ya ɓata lokacinsa a kan "mmm"; gaisuwa zai yi, ya nemi kuɗi, ko ya ce a turo masa lambobi 6 da suka shigo. In har zuciyarki ba ta natsu ba, shiga WhatsApp ɗin Umma ki duba Linked devices, inda ake ganin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinta. Idan babu baƙuwar na'ura, magana ta ƙare.

Abu na biyu, ajiye wayar a kan tabarma fuskarta a kunne, ki zuba mata ido. In tana danna kanta ba wanda ya taɓa, ba laifin jaka ba ne. Ko gilashin ya tsage, ko ruwa ya shiga, ko caja ce marar kyau. Cire cajar ki gani. In ya ci gaba, sai wajen mai gyara.

Amma fa idan dattijuwa ba ta da lafiya, ko ta saba rubutu tsaf sai ga shi ya hargitse, kira ta ki ji muryarta kafin ki ɗora wa jaka laifi.

"Me zan gyara mata?"

A Settings na wayar, rage Screen timeout, wato lokacin da fuskar ke ɗauka kafin ta mutu, zuwa daƙiƙa 30, ki sa mata PIN, domin kullen shafawa kawai jaka na iya buɗe shi. Kashe Double tap to wake, mai kunna fuskar in an taɓa ta sau biyu. In Samsung ce, kunna Accidental touch protection a ƙarƙashin Display. A WhatsApp kuma, Settings, Chats, ki tabbatar Enter is send a kashe yake. Duk wannan bai kai sabo ɗaya ba: ta danna maɓallin gefe, fuskar ta yi baƙi, sannan jaka.

Saƙonnin da suka riga suka tafi kuwa, musamman in sun faɗa gurup ɗin dangi, Delete for everyone na aiki har kusan kwana 2.