Manhajar lissafi ta ƙi buɗe fayil ɗin kamfani

Da safe na kunna QuickBooks Desktop, sai ya ce ba zai iya buɗe fayil ɗin kamfanina ba. Lissafina ya tafi ke nan?

Da wuya. Sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar isa gare shi ce ta toshe. Amma kafin ka taɓa komai, rufe manhajar a kowace kwamfuta, ka kwafe fayil mai ƙarewa da .QBW tare da duk abin da ke cikin foldarsa zuwa filashi. Mutane kan tsallake wannan don gaggawa, alhali gyaran da aka yi a kan kwafi ɗaya tilo, in ya ɓaci, ba a dawo da shi.

Ta yaya zan gane inda matsalar take?

Da gwaji biyu. Manhajar tana zuwa da fayil na misali, wanda za ka samu a maɓallin Open a sample file. In shi ma ya ƙi buɗuwa, manhajar ce ta samu matsala, sai a gyara ta ko a sake saka ta. In ya buɗe, kwafo fayil ɗinka na .QBW shi kaɗai zuwa Desktop na kwamfutar da kake kai, ka buɗe shi daga can.

A ce fayil ɗin yana zaune a kwamfutar ofis, kai kuma kana shiga ta hanyar sadarwa, wuta ta ɗauke jiya ana tsakiyar aiki. Ka kwafo shi, ya buɗe, cinikin jiya yana ciki. To, bayananka ba su lalace ba.

To me ya hana shi buɗuwa a mazauninsa?

Kusa da shi akwai ƙananan fayiloli biyu masu suna irin nasa. Na .ND yana riƙe bayanin kwamfutar da ke ɗauke da fayil ɗin, na .TLG kuma yana rubuta duk canjin da aka yi. Ɗaukewar wuta tana iya gurɓata su. Sauya musu suna kawai, ka ƙara .old a ƙarshen sunan kowanne:

```
Kamfani.qbw.nd.old
Kamfani.qbw.tlg.old
```

Manhajar za ta ƙirƙiri sababbi. Kada ka goge tsohon .TLG, domin da shi ake ceto cinikin da bai shiga kwafin ajiya ba. Ka kuma duba ko foldar tana cikin OneDrive ko Dropbox: suna riƙe fayil yayin da suke tura shi, manhajar kuma tana son shi a hannunta.

In ko a Desktop ya ƙi fa?

Tabbatar ba a buɗe shi da sabon zubin manhajar a wata kwamfuta ba, don tsohon zubi ba ya karanta fayil da aka sabunta. In ba haka ba ne, gwada File Doctor, manhajar gyaran fayilolin QuickBooks, a kan kwafi. Ya gaza, sai ka maido kwafin ajiya na ƙarshe, mai ƙarewa da .QBB, da sabon suna, ka sake shigar da rasitan da suka biyo bayan ranarsa.