Ƙugiya dole ce, alamar karin sauti ba dole ba: gyaran jadawalin da OCR ya ɓata

Ana ta tsorata masu juya tsofaffin takardu zuwa kwamfuta cewa duk jadawalin Hausa da ya fito daga OCR, wato manhajar da ke karanta rubutu daga hoton shafi, babu alamomin karin sauti ya saɓa ƙa'ida, sai an sake shi daga farko. Ba haka ba ne. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gadon kwana da gadon dukiya duk "gado" ake rubutawa. Masu ƙamus da littattafan nahawu ne ke sa alamomin. Idan takardar asali ba ta da su, babu abin da ya ɓace, kuma kada a ƙara su da ka.

Abin da ƙa'ida ta wajabta shi ne ɓ, ɗ, ƙ, da kuma 'y, wanda ake rubuta shi ƴ a Nijar. Kowanne baƙi ne mai zaman kansa. A nan nake ganin ana sakaci, domin an saba karanta saƙon waya babu ƙugiya kuma a gane. To, jimla ce ke fitar da mutum. Kalmar da ke cikin akwatin jadawali ita kaɗai take zaune, babu mai yi mata shaida.

A ɗauki jadawalin kalmomi inda OCR ya bayar da "baki" sau uku. Ɗaya bakin magana ne, ɗaya baƙin launi, ɗaya baƙin da suka zo ziyara. Wanda ya umarci manhaja ta share maimaici zai rasa layi biyu bai sani ba. Wanda kuma ya mayar da kowane "baki" zuwa "baƙi" ya ɓata na farkon.

Gyara yana farawa da neman ɓ, ɗ da ƙ a dukan fayil. Idan babu ko ɗaya, an zubar da su gaba ɗaya. Idan alamar tambaya ce a gurbinsu, yawanci ba laifin OCR ba ne, an adana fayil ɗin ne ba da UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ke riƙe haruffa masu ƙugiya. A kuma duba lamba 6 a tsakiyar kalma, domin sau da yawa ɓ ce.

Daga nan a bar abin da OCR ya fitar yadda yake, a buɗe sabon layin gyara a gefensa. Kalmomi irin daya da kwarai ana iya musanya su da ɗaya da ƙwarai kai tsaye. Amma kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, kara da ƙara, sai an duba hoton shafin ɗaya bayan ɗaya. Jadawalin ƙamus mai alamomin sauti ma haka ne, tunda layin tsawon wasali kan haɗe da layin jadawali ya ɓace.

A kula da Excel: idan aka buga 'ya'ya a akwati, yakan ɓoye alamar farko ya nuna ya'ya. Sai an buga alamar sau biyu kafin ta fito.