Aikawa da kayan amfanin kai gida ta jirgin ruwa

Aikawa da kayan amfanin kai ta jirgin ruwa hanya ce da mazauna ƙasashen waje ke bi su kai tufafi, littattafai, kayan ɗaki da na girki zuwa gida, musamman idan sun kammala karatu ko aiki. Tana da jinkiri, amma ta fi jirgin sama araha da nisa idan kaya sun wuce akwati biyu ko uku. Kayan da za su arewacin Najeriya kan sauka a Legas, a tashar Apapa, ta Tin Kan ko ta Lekki da ta fara aiki a 2023, daga nan a ɗora su a tirela. Na Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku, kan bi ta tashoshin ƙasashe masu gaɓar teku irin su Lome ko Tema. Wannan maƙala ta ɗauki hanyar Birtaniya zuwa Kano a matsayin misali.

Masu haɗa kaya

Cikin kwantena mai ƙafa 20 ya kai kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67, kodayake ba a taɓa cika su taf saboda giɓin da ke tsakanin kwalaye. Iyali guda ba kasafai suke da kayan da za su cika ko da ƙaramar ba. Shi ya sa ake da masu haɗa kaya, waɗanda mutane suka fi kira masu kago. Suna kama kwantena sukutum daga kamfanin jirgi, su sayar wa mutane da yawa wuri a ciki. A takardu ana rubuta LCL ga irin wannan lodi na haɗaka, FCL kuma ga kwantenar mutum ɗaya.

Mai kago ba shi da jirgi, kuma kamfanin jirgi bai san mai kaya ba. Kamfanin yana ba mai kago babbar takardar lodi guda ɗaya ta dukan kwantenar. Shi kuma mai kago, idan na ƙwarai ne, yana ba kowane mai kaya ƙaramar takardar lodi mai sunansa, sunan mai karɓa, yawan ƙunshi, nauyi da lambar kwantena. Ƙananan masu kago da yawa rasit kawai suke bayarwa, su shigar da kayan kowa da sunan kamfaninsu. Wannan bambanci yana da nauyi, domin wanda ba shi da takarda da sunansa ba shi da bakin magana a tasha. Idan mai kago ya ƙi biyan bashin da kamfanin jirgi ke binsa, za a riƙe kwantenar duka, kuma mai rasit ba zai iya fitar da nasa kason ba.

Haɗakar tana kuma jawo jira. Tafiyar jirgi daga Birtaniya zuwa Legas 'yan makonni ce, amma kwantena ba ta barin sito sai ta cika. Wanda ya kai kayansa ranar da aka fara lodi yana iya jiran wata guda kafin a rufe ƙofa. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce ranar rufe kwantena da sunan jirgin da aka kama mata wuri. Da zarar ta tashi, lambarta mai haruffa huɗu da alƙaluma bakwai ta isa a bi sawunta a shafin kamfanin jirgin. Mai kagon da ke ta kwana-kwana kan ba da wannan lamba, mai yiwuwa kayan suna nan jibge a sitonsa.

Yadda ake lissafin kuɗi

Ana cajin wuri ne ko nauyi, duk wanda ya fi yawa, bisa ƙa'idar cewa kubik mita ɗaya daidai yake da kilo 1,000. Kayan gida kusan kullum wuri suke ci, don haka awon kwali ya fi sikeli muhimmanci.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya da za ta koma Kano bayan shekara huɗu a Birmingham. Tana da kwali 15, kowanne tsawonsa santimita 60, faɗi 40, tsayi 50. Kwali ɗaya ya zama 0.6 × 0.4 × 0.5, wato kubik mita 0.12, duka kuma 1.80. A sito sai a jera su kan falet, wato shimfiɗar katako da ake ɗora kaya a kai, mai santimita 120 da 100, biyar-biyar hawa uku, a naɗe da leda. Yanzu falet ɗin ake aunawa gaba ɗaya, har da kaurin katakonsa na kimanin santimita 15, sai awon ya koma 1.2 × 1.0 × 1.65, wato 1.98. Injin wankinta da aka yi wa akwatin katako mai 70 da 70 da 95 ya ƙara 0.47. Jimilla 2.45, alhali nauyin duka bai kai kilo 400 ba. Da a ce kuɗin kubik mita fam 200 ne, za ta biya fam 490, ba 360 da ta ƙiyasta daga kwalayen kaɗai ba. Ba cuta ba ce, wurin da kayan suka mamaye ke nan.

Inda cuta ke shigowa shi ne abin da farashin bai ƙunsa ba. "Ƙofa zuwa ƙofa" a bakin wani mai kago na nufin sitonsa na Legas, a bakin wani kuma ofishinsa na Kano. Kuɗin sauke kwantena, na tasha, na ejan mai fitar da kaya, harajin kwastam da kuɗin mota zuwa Arewa, kowanne ya kamata a ga a rubuce wa zai biya shi.

Jerin kaya

Jerin kaya takarda ce da ke faɗin abin da ke cikin kowane ƙunshi, kuma ita ce ke magana a madadin mai kaya sa'ad da ba ya wurin. Ana sa wa kowane kwali lamba a gefe biyu, 1/15, 2/15, har 15/15, tare da sunan mai karɓa da garinsa. A takardar, gaban kowace lamba, sai a rubuta abin da ke ciki, yawansa, ko sabo ne ko an yi amfani da shi, nauyi, da ƙimarsa ta gaskiya a yadda yake yanzu. Kayan lantarki ana haɗawa da sunan kamfani da lambar jikinsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta "kayan gida" ko "tarkace" a gaban kwali goma. Jami'in kwastam da ya ga haka ba shi da zaɓi sai ya buɗe duka. Wanda ya ga "kwali na 7: tukwane 4, faranti 24, injin markaɗe 1, duk an yi amfani da su" yana iya buɗe na 7 da na 12, ya ga sun dace da takarda, ya gamsu da sauran. Idan kuwa ya buɗe na 7 ya tarar da sababbin takalma ƙafa ashirin da tambarin kanti a jikinsu, takardar ta zama ƙarya gaba ɗayanta, kuma za a zazzage komai.

A nan saƙon 'yan'uwa ke jefa mutane cikin wahala. Da an ji wani zai yi lodi, sai a yi ta kawo ƙullin kaya a ce a kai wa Hajiya. Kunya kan hana a kwance a duba, amma a gaban doka duk abin da ke cikin kwali na wanda sunansa ke kan takarda ne. Ya kamata a buɗe kowane saƙo a gaban mai shi, a rubuta shi a jeri.

Akwai abubuwan da tun a sito ake ƙi saboda hatsarin gobara a teku: tukunyar gas, fenti, turaren fesawa mai yawa, da batiran litiyam da ba a bayyana ba. Janareto sai an tsiyaye mai daga cikinsa. Katakon falet da na akwati kuma dole ya ɗauki hatimin ISPM 15, shaidar an gasa shi ko an yi masa feshi don kashe ƙwari. Kaya su bushe sarai kafin a rufe, domin kwantenar da ta taso daga sanyin Turai zuwa zafin Legas tana yin gumi a rufinta, ruwan ya ɗiga kan kwalaye, tufafi su yi hunhuna.

Binciken kwastam

Dokar Najeriya ta yafe haraji kan kayan amfanin kai da na gida ga ɗan ƙasa da ya zauna waje aƙalla wata tara, muddin an yi amfani da su kuma ba na sayarwa ba ne. Mai dawowa yana cike takardar PUBD, wadda ake bayyana kayan da ba su zo tare da fasinja ba, ya haɗa da fasfo mai hatimin shige da fice, shaidar zama a waje, takardar lodi da jerin kaya. Ana son kayan su iso cikin wata biyu da dawowarsa, sai dai in hukuma ta ƙara masa lokaci. Mota ba ta cikin wannan rangwame. Wanda kuma yake zaune a waje yana aiko wa dangi kaya bai cancanci rangwamen ba, ko da tsofaffi ne.

Abin da jami'i ke nema ya rarrabe shi ne kayan gida da hajar kasuwa, kuma yawa ne babban ma'auninsa. Talabijin ɗaya ko biyu na gida ne, shida iri ɗaya a kwalayensu haja ce. Tufafin iyali kayan kai ne, amma dila-dila na tsofaffin tufafi gwanjo ne, kuma gwanjo yana cikin jerin abubuwan da aka haramta shigowa da su. Haka tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki na sayarwa, da daskararrun kaji. Abin da aka ɗauka a matsayin haja ana yi masa haraji bisa jadawalin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS, mai matakan kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, a kan ƙimar kayan haɗe da kuɗin jirgi da inshora, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Magunguna da abinci kan jawo jami'an NAFDAC, iri da tsirrai kuma jami'an killace kayan gona.

Kwantena kan bi ta na'urar ɗaukar hoto, ko a buɗe ta a sauke kaya a gaban jami'ai da ejan. Kwantenar haɗaka ta fi faɗawa binciken hannu, saboda hoton kayan mutum talatin a cakuɗe ba ya nuna komai a sarari. Idan aka sami haramtaccen abu a kwalin mutum ɗaya, ana iya tsare kwantenar duka har a gama bincike. Kwanakin kyauta da kamfanin jirgi da tasha ke bayarwa kaɗan ne, bayansu dimarej, wato kuɗin jinkirin fitar da kwantena, da kuɗin ajiya na hawa kullum, kuma wasu masu kago kan raba wa masu kaya wannan nauyi. Kayan da suka daɗe ba a fitar ba kwastam na da ikon yin gwanjonsu. Saboda haka yana da kyau a tambayi mai kago ko yana duba kayan sauran abokan lodi, ko kuwa duk abin da aka kawo a rufe yake karɓa.

Asara da diyya

Diyyar da doka ta ɗora wa kamfanin jirgi tana da iyaka, ana lissafa ta kan ƙunshi ko kan kilo, kuma ba ta la'akari da tsadar abin da ya lalace. Inshorar da mai kaya ya saya da kansa ce ke biyan ainihin ƙima, ita ma bisa jerin kaya take biya, abin da ba a rubuta ba kamar ba a aiko shi ba ne. Kamfanonin inshora da yawa ba sa biyan fashewar abin da mai shi ya ɗaure da hannunsa, sai in dukan kayan ne suka salwanta. Ranar karɓa a Kano, a ƙirga kwalaye da lambobinsu kafin a sa hannu. Wanda aka ga an yaga an sake liƙewa, ko ya jiƙe, a ɗauki hotonsa, a rubuta a jikin takardar karɓa a gaban direba, a kuma sanar da mai kago a rubuce a ranar.